Auna tsakanin bango da bututun bayi kafin sayen wese a Yamai

Wese na zama mai zubar da ƙazanta ta ƙasa ba ya karɓar ƙiyasi. In awon ya kauce, ko dai tankin ruwan ya tokare bango, ko a bar gibi a bayansa.

1. Fara daga fuskar bangon da aka gama. In ba a manna karo ba tukuna, auna kaurin karon da simintin da zai riƙe shi, ka cire daga abin da ka samu. Nan magina suka fi tuntuɓe.

2. Ja metir daga bangon zuwa tsakiyar bakin bututun. Gefensa ba ya cikin lissafi. Da yake tsakiyar rami ce, ba inda za ka ɗora metir, sai ka auna zuwa gefen da ke kusa da bango, ka ƙara rabin faɗin bututun. Bututu mai milimita 100, rabinsa santimita 5 ne. Misali, ka samu santimita 17 daga ɗanyen bango: ƙara 5, ya zama 22. Cire santimita 2 na karo da siminti, awonka 20 ke nan.

3. Tafi kanti da metir ɗinka. A kifa maka wesen a kan kwali, ka auna daga tsakiyar mafitarsa zuwa layin bayan tanki. Kada ya wuce awonka. In ya gaza da santimita ɗaya ko biyu ba laifi, amma in ya ɗara, tankin zai tokare bango, wataƙila ma sai an fasa daɓe an matsar da bututu.

In bututun daga bango yake fitowa, tsayin tsakiyarsa daga saman karon ƙasa za ka auna.