Yadda ake hana ƙ, ɗ da ɓ komawa alamar tambaya a imel

Sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Tudun Wada, Kaduna, ya aika wa mambobi sanarwa: «Taron ƙungiya ranar huɗu ga wata.» A wayarsa rubutun lafiya lau. Wasu kuwa abin da ya iso musu shi ne «Taron ?ungiya ranar hu?u ga wata», wasu kuma suka ga «Taron Æ™ungiya ranar huÉ—u ga wata». Waɗannan matsaloli biyu ne daban, kuma maganinsu daban. Kamannin ɓarnar su ne za su nuna maka inda ta faru.

Kwamfuta lamba take ajiyewa a madadin kowane harafi, sannan ta duba wani jadawali don ta san harafin da lambar take nufi. Tsohon jadawalin, ASCII, wanda ya fito a 1963, gurbi 128 kawai gare shi, duk na Turanci. Daga baya aka yi masu gurbi 256, irin su ISO-8859-1 da Windows-1252, aka cika ƙarin guraben da haruffan Yammacin Turai kamar é da ü. Babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a cikinsu, balle ŋ ta Fulfulde ko ẹ da ṣ na Yarbanci. Jadawalin Unicode ne ya ba kowannensu lamba: ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253, ƴ kuma U+01B4. UTF-8 shi ne hanyar rubuta waɗannan lambobi a cikin fayil ko saƙo. A nan k bayit ɗaya take ci, wato ɗan gurbin ajiya ɗaya na kwamfuta, amma ƙ biyu take ci, wato C6 da 99.

To daga nan ɓarnar take rabuwa gida biyu.

Idan manhajar mai aikawa ta ajiye rubutun da tsohon jadawali, za ta nemi gurbin ƙ ta rasa, sai ta sa alamar tambaya a wurin. Alamar tambaya ce ta gaske, mai lamba 3F, irin wadda kake bugawa a ƙarshen jimla. Harafin ya ɓace tun kafin saƙon ya bar gida, kuma ƙ da ɗ da ɓ duk sun koma abu ɗaya. Don haka duk saitin da mai karɓa zai canza a wayarsa, ba zai dawo da su ba. Sai dai a gyara a wajen mai aikawa, a sake turowa.

Idan kuwa an rubuta saƙon da UTF-8 amma aka karanta shi da Windows-1252, bayit biyun nan na ƙ za a ɗauke su a matsayin haruffa biyu: C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™. Haka ɗ take komawa É—. Munin gani ne kawai, bayit ɗin suna nan yadda aka turo su, ana iya ceto rubutun.

Akwai na uku, ɗan akwati babu komai a ciki. Wannan ba ruwansa da jadawali. Lambar ta iso daidai, salon haruffan da ke kan na'urar ne bai da zanen harafin. Canza salon, ko ka buɗe saƙon a wata wayar.

Matakin farko, duba cikin saƙon. A Gmail na kwamfuta, buɗe saƙon, danna ɗigo ukun da ke gefen dama, zaɓi Show original. Nemi layuka irin waɗannan:

```
Content-Type: text/plain; charset="UTF-8"
Content-Transfer-Encoding: quoted-printable

Taron =C6=99ungiya ranar hu=C9=97u ga wata
```

Kalmar charset ita ce takardar shaidar saƙon, ita ke gaya wa mai karɓa jadawalin da zai yi amfani da shi. Idan ka ga =C6=99 a jikin saƙon, ƙ tana da rai. Idan ka ga =C6=99 amma charset ya ce iso-8859-1 ko us-ascii, ko babu shi sam, shaidar ce ta yi ƙarya. Idan kuma ?ungiya ka gani tun a nan, an riga an yi asarar. Wani lokaci jikin saƙon zai fito a matsayin dogon jerin haruffa marasa ma'ana saboda an yi amfani da base64. Wannan ba lalacewa ba ce, wata hanyar ƙunshe saƙo ce.

Mataki na biyu, bi sawun rubutun baya, tasha bayan tasha. Gmail da manhajojin imel na waya da UTF-8 suke aikawa, ba kasafai laifin ke zama nasu ba. A lamarin sakatarenmu, a ce ya tara sunayen mambobi da saƙon a Excel, ya ajiye a matsayin CSV, ya miƙa wa mai shagon kwamfuta ya tura wa kowa a lokaci ɗaya. Buɗe fayil ɗin CSV da Notepad. Idan Ɗanladi ya riga ya koma ?anladi, a nan aka yi ɓarnar, domin CSV na gama-gari da tsohon jadawalin Windows yake ajiyewa. Koma ainihin fayil ɗin Excel, danna Save As, zaɓi CSV UTF-8 (Comma delimited). Kada ka ɗauki fayil ɗin da ya lalace ka sake ajiye shi da UTF-8. Alamomin tambayar ne kawai za ka adana da kyau. A Notepad ma haka ne, a ƙasan akwatin Save As akwai Encoding, ka tabbata UTF-8 ne, ba ANSI ba.

Masu tsohon Outlook na kwamfutar ofis su shiga File, Options, Advanced, su gangara zuwa International options. A Preferred encoding for outgoing messages a zaɓi Unicode (UTF-8). Mun fi son a cire alamar da ke kan Automatically select encoding for outgoing messages, don kada manhajar ta riƙa yin zaɓin da kanta.

Idan wata manhaja ce aka rubuta take tura saƙon, kamar ta sakamakon ɗalibai ko ta rasit, aikin mai rubuta ta ne. PHPMailer, alal misali, da iso-8859-1 yake farawa sai an gaya masa:

```
$mail->CharSet = 'UTF-8';
```

Ya kuma duba rumbun bayanan. Teburin MySQL da aka kafa da latin1 zai iya mayar da ƙ alamar tambaya tun lokacin shigar da suna, ko ya ƙi karɓar sunan. A mayar da teburin da layin haɗin duka zuwa utf8mb4. Sunayen da suka riga suka lalace kuwa sai an sake buga su da hannu.

Kan saƙo, wato layin Subject, yana da tasa dokar. Layin charset jikin saƙo kaɗai ya shafa, shi ya sa wani lokaci jiki zai fito daidai amma kan ya lalace. Kan da aka shirya da kyau, a Show original zai yi kama da wannan:

```
Subject: =?UTF-8?Q?Taron_=C6=99ungiya?=
```

Don ceto rubutu mai Æ™ da É—, mai Python zai iya juya shi da layi ɗaya:

```
"huÉ—u".encode("cp1252").decode("utf-8")
```

Zai dawo da huɗu. Babbar Ɓ ce takan ba da wahala, domin bayit ɗinta na biyu, 81, ba shi da harafi a Windows-1252, don haka yakan salwanta a hanya.

Kafin ka tura wa jama'a, yi gwaji ta ainihin hanyar da saƙon zai bi, da fayil ɗin da manhajar da komai. Sa ƙ ɗ ɓ ƴ Ƙ Ɗ Ɓ Ƴ a kan saƙon da jikinsa da gurbin suna, ka tura wa adireshi biyu na kamfanoni daban-daban, ka buɗe a waya da kwamfuta. A Nijeriya 'y muka fi rubutawa, amma ka bar ƴ a gwajin, saboda masu karɓa daga Maraɗi ko Damagaram da ita za su amsa maka.