Yadda Ake Rubuta Bidiyon Koyar da Kariya a Wurin Aiki

Kafin ka rubuta kalma ɗaya ta bidiyon, fara rubuta tambayar da kake so ma'aikaci ya iya amsawa idan ya gama kallo. Ita za ta nuna maka abin da zai shiga da abin da za ka bari. A ce masu shagunan fotokofi na Samaru, daura da Jami'ar Ahmadu Bello, suka nemi bidiyo don yaransu. Galibin shagunan nan akwai janareta, da jarkar fetur, da takardu jibge. Tambayar ke nan: fetur ya kama wuta kusa da janareta, me za ka fara yi? Haɗari ɗaya ya ishi bidiyo ɗaya na minti 4 zuwa 5. Maganar wayar lantarki ta jira nata.

Daga nan sai ka raba takardarka gida uku: lokaci, abin da murya ke faɗa, da abin da ido ke gani. Kowace jimla ta murya sai an rubuta hotonta a gefe. In ka rasa hoton da za ka sa wa wata jimla, to yawanci ba a bukatarta.

Ka buɗe da abin da yaron shago ya saba gani. An ɗauke wuta, masu jira sun cika shago, janareta ya mutu saboda mai ya ƙare, yaro ya ɗauko jarka ya nufe shi alhali injin na da zafi. A daidai inda ya kama murfin tankin za ka tsayar da hoton, ka jefa tambaya ta farko: ya zuba, ko ya jira injin ya huce? Wannan wurin ne na fi so ka kula da shi. Tambayar da aka yi bayan an gama bayani, maimaita abin da aka ji kawai take sa mutum ya yi. Wadda aka yi a gaɓar yanke shawara kuwa, tana tilasta masa ya zaɓa kamar shi ne riƙe da jarkar.

Amsoshin da ba daidai ba su ne aikin gaske. Kada ka sa shirmen da kowa zai gane. Sa abin da mutane ke yi da gaske. A tambaya ta biyu, bayan wutar ta kama, ba shi zaɓi uku: watsa bokitin ruwa, bugun wutar da kwali, ko ɗauko tukunyar kashe wuta mai hoda, wadda aka rubuta ABC a jikinta. Da yawa ruwa za su zaɓa. To kar murya ta tsaya a "ba daidai ba ne". Ta faɗi dalili: fetur bai kai ruwa nauyi ba, yana hawa samansa, sai ruwan ya kwashe shi da wutarsa ya yaɗa cikin shago. A gidan hoto kuma ka rubuta a zana ruwa na malala, wuta na bin bayansa zuwa wajen takardu.

Zane na ƙarfafa magana ne, don haka kada a kwafe jimlar murya a manna a allo. Lokacin nuna amfani da tukunya, hoto huɗu sun isa, kowanne da kalma biyu zuwa huɗu: zare fil, saita gindin wuta, matsa hannu, kaɗa hagu da dama. Ka nuna mutumin ya ba ƙofar fita baya, don in wutar ta fi ƙarfinsa ya samu hanya. Launuka kuma a bi ISO 7010, tsarin alamomin kariya na duniya: jan da'ira mai layi a karkace hani ne, alwatika rawaya gargaɗi, shuɗin da'ira umarni, kore kuma hanyar tsira.

Sai ka san ta inda za a kalla. Idan a Moodle ne, wato dandalin koyarwa ta intanet, manhajar H5P da ke sa tambaya cikin bidiyo na iya tsayar da bidiyon har sai an taɓa amsa. Idan ta WhatsApp za a tura, babu abin taɓawa, sai ka rubuta daƙiƙa 5 na shiru da lamba tana ƙirgawa a allo, sannan amsa ta fito.

Kafin a ɗauka, karanta rubutun da ƙarfi, agogo a hannu, a gaban yaran shago biyu ko uku. In duk sun ci tambaya ba tare da tunani ba, ta yi sauƙi, sake zaɓin. In duk sun faɗi bayan sun ji bayanin, gyaran na cikin bayaninka. Sannan ka kai wa jami'in kashe gobara ya duba matakan kafin a naɗi murya.