Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana: Kurakuran Sabon Mai Ajiyar Albasa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, mahaifiyarka da ƙannenka duk suna lafiya, suna gaishe ka.

Kawunka ya gaya mini ka je Aliero ka ga albasa ta yi araha, har kana shirin zuba jarinka duka, naira miliyan 3, ka kuma ciwo bashi ka ƙara. Shi ya sa na ɗauki biro, don a waya ba ka bari in kai aya.

Kuskuren farko a lissafi yake. Sabon ɗan kasuwa yana ƙirga ribarsa da buhunan da ya saya, alhali ba su zai sayar ba. Albasa ruwa ce, kullum tana raguwa a rudu, wato rumfar da ake ajiye ta: wata ta bushe, wata ta ruɓe, wata ta yi tsiro idan damina ta kankama. A ce ka sayi buhu 30 a kan dubu 30 kowanne, dubu 900 ke nan. Kuɗin mota, dako, la'adar dillali da gyaran rudu su ci dubu 100. Ka kashe miliyan ɗaya. Bayan wata huɗu ko biyar ka tsince, ka sake cika buhu, sai ka tarar da 20, kuma ni na sha ganin haka. To kowane buhu ya tsaya maka a dubu 50. Ranar da kasuwa ta kai dubu 45 abokanka za su ce ka ci ribar dubu 15 a buhu, amma abin da zai shigo hannunka dubu 900 ne, ka faɗi da dubu 100. Don haka tun kafin ka taya, ka raba abin da za ka kashe da buhunan da kake zaton za su tsira, ka rubuta wannan farashin a littafinka.

Da gangan na yi misalin da miliyan ɗaya. Ita ce iyakar da na yarje maka bana, kashi ɗaya cikin uku. Sauran ka riƙa juya shi a saye da sayarwar mako, wadda kuɗinta ke dawowa da wuri. Idan rudun ya lalace ƙurmus, kana da abin komawa kasuwa baɗi. Bashi kuwa ka bar shi. Mai bashi yana da ranar da zai zo, tashin farashi ba shi da rana, kuma bashin ne zai tilasta maka sayarwa a lokacin da kowa ke sayarwa.

Sai gaggawa wajen saye. Albasar da aka ɗura wa taki, aka yi ta ba ta ruwa har gab da cira, ita ce mai girma da ɗaukar ido, kuma ita ce ke fara ruɓewa. Kada ka tsaya ga ta bakin buhu, a zazzage maka ko da biyu a ƙasa. Ka kama wuyanta ka latsa da babban yatsa. Idan siriri ne, ya bushe ƙayau, ɓawon yana ƙara a hannu, ta ajiya ce. Idan wuyan mai kauri ne, da laushi ko danshi, ko ka ga baƙin fumfuna ƙarƙashin ɓawo, ta miya ce, ka bar wa mai sayarwa yau. Wadda ta ji rauni wajen cira ma haka. Shekarar da na fara, na sayi irin wannan don ta fi araha, kafin wata biyu da shebur muka kwashe ta, maƙwabta na toshe hanci.

Ajiya haƙuri take so, amma ba wai ka rufe rudu ka tafi ba ne. Ka leƙa duk mako, ka tabbata iska na ratsawa ta ƙasa, rufin ba ya yoyo. Wari da ƙananan ƙudaje su ne masu fara kawo labari. Ka tsince ruɓaɓɓu nan take, don guda ɗaya tana lalata na kusa da ita. Ka kuma sa wa kanka ƙa'ida tun yanzu da hankalinka ke kwance: in ka zubar da kwatankwacin buhu ɗaya cikin goma a mako biyu, fitar da kayan ka sayar ko a uwar kuɗi ne. Ranar da abin ya faru zuciyarka za ta ce ka ƙara mako ɗaya, kuma wannan makon ne ke cinye mutane.

In Allah ya sa farashi ya haura lissafinka, kada ka jira ƙololuwa, ba wanda ya san ta sai ta wuce. Sayar da kashi ɗaya ka fara maido da kuɗinka, saura ka saki a hankali. Maganar lodin mota zuwa kasuwar Mile 12 a Legas kuwa, ka bar ta tukuna, ba ka san kowa can ba da zan yarda ya riƙe maka kaya bashi.

Ka zo gida ranar Juma'a da littafinka mu duba tare. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
daga Jega.