Tukunyar fresha na fitar da tururi ta gefen murfi: kurakuran da na gaji da gani

Tun da gas ya yi tsada kowace amarya a Katsina sai an saka mata tukunyar fresha a kayan kicin, amma ba wanda ke zaunar da ita ya nuna mata yadda ake bi da ita. Wata shida ba su cika ba sai ki ji ana cewa "Anti, tukunyar nan jabu ce, tururi take zubarwa ta gefe." Sau tari tukunyar lafiyarta lau. Ciwo biyu ne ke kawo wannan tsiyayar, kuma a kallon farko kamarsu ɗaya: ko robar murfi ta mutu, ko kuma ɗan bututun da ke tsakiyar murfi, wanda hular ƙarfen nan ke zama a kansa, ya toshe. Na farko gas kawai zai ci miki. Na biyu fatar jiki yake ci. Babban kuskuren shi ne a kasa bambance su.

Kunne da ido sun isa. In roba ce, tun ruwa na fara tafasa za ki ga tururi na sulalowa a hankali ta bakin murfi, ruwa na ɗiga ta wajen mariƙi, shi kuma ɗan ƙarfen da ya kamata ya taso ya kulle murfi sai ya ƙi tashi. Tukunyar ba ta tara ƙarfi ko kaɗan. Abin da ke sa ta nuna ganda da wuri shi ne zafin cikinta yakan kai kusan digiri 120, alhali tukunyar yau da kullum a 100 take tsayawa. In tururi na gudu, kin koma dahuwa da tukunyar gargajiya mai nauyin murfi. In kuwa bututu ne ya toshe, da farko shiru za ki ji. Murfi ya kulle, wuta na ci, lokacin da hula ta saba fara tsuwwa ya wuce ba ta ko motsa ba, sai can tururi ya ɓalle da ƙarfi ta gefe guda. Wannan shirun shi ne abin tsoro.

Ni da jikina na koya. Washegarin wata babbar sallah na dafa kai da ƙafa, aka wanke tukunya sama-sama saboda gida cike da baƙi daga Daura, kitse ya daskare a bututu ban duba ba. Na dawo na zuba wake kusan zuwa wuya, har da ɗan jiƙon kanwa don ya yi saurin nuna. Wake ya yi kumfa, ɓawonsa ya taso ya haɗu da kitsen ya liƙe ƙofar. Da na ga tururi na fita ta gefe sai na ce ai robar ce ta saki. Na ɗauko tsumma na naɗe bakin murfi, na ƙara wuta, sannan na kai hannu na girgiza hular wai in taimaka mata. Girgizar ce ta buɗe toshiyar. Ruwan wake ya yi tsiri har silin, wani ya sauka mini a damtse. Tabon yana nan, in ina koya wa yara girki nakan ɗage hannun riga in nuna musu. Surukata da ta leƙo cewa kawai ta yi, "'Yar nan, Allah ya tsare, amma ganganci ne." Gaskiyarta.

Saboda haka don Allah ku daina naɗa tsumma, ku daina ɗora dutse ko turmi a kan murfi. Wanda ya ƙera tukunyar da gangan ya bar wa tururi hanyar gudu in matsi ya yi yawa: wasu ɗan bawul ne a saman murfi, wasu 'yar taga ce a gefensa inda roba ke turowa waje ta saki tururi. Ke kuma kin zo kina toshewa! Har na taɓa ganin wadda bawul ɗinta ya fashe, maigidan ya kai wa mai gyara aka ɗaure ramin da ƙusa da noti. Wannan tukunya ba ta ƙara shiga kicin ɗin da nake tsaye.

In kin ji wannan shirun, kashe wuta ki matsa. Kada ki taɓa hula, kada ki yi kokawa da murfi. Ki bari ta huce har ɗan ƙarfen kullewa ya faɗa da kansa. Sannan ki cire hula, ki ɗaga murfi sama wajen haske ki leƙa ta bututun. In ba ki hango haske zagaye ba, a toshe yake. Ni siririyar waya nake zurawa, in bi da ruwan zafi da sabulu. Na bar amfani da tsinken tsintsiya tun ranar da ya karye mini a ciki. Wannan leƙen yanzu kafin kowace dahuwa nake yinsa, bai kai ƙiftawa da bismilla ba.

Wake, alkama da duk abin da ke kumbura ko kumfa, rabin tukunya ne iyakarsu. Nama da ganda kada su wuce kashi biyu cikin uku. Kanwa kuwa na raba ta da fresha gaba ɗaya: tana ƙara kumfa, tana kuma baƙanta tukunyar alminiyam.

Sai roba. Cire ta ki lanƙwasa tsakanin yatsu. Lafiyayya tana da taushi, kina saki ta koma yadda take. In ta yi tauri, ko kin ga ƙananan tsagu, ko tana danƙo, ko ta saki har tana faɗowa daga murfi, ta gama aiki. Tawa da ke kan wuta kusan kullum, shekara guda nake canza ta, kuma na lura bayan hunturu ta fi saurin bushewa. Ana cewa a jiƙa ta a ruwan zafi ko a shafa mata man gyaɗa. Wannan zai iya fitar da ke girkin yau, amma ba ya tayar da matacciya, kuma yawan mai ma lalata baƙar roba yake yi.

Wurin sayen sabuwa nan ma ana tafka kuskure. Mace ta aiki yaro Babbar Kasuwa ta ce "robar mai lita bakwai." Ba da lita ake auna roba ba, da faɗin bakin tukunya ne: akwai santimita 20, 22, 24 da sauransu, kuma ko faɗi ya zo ɗaya kaurin leɓen yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Na taɓa sayen uku a jere ba wadda ta zauna. Yanzu murfin nake sakawa a jaka in tafi da shi, a gwada a gabana. In na dawo gida ba na fara da abinci. Kofi biyu na ruwa nake zubawa in ɗora, in ga murfi ya kulle, hula ta yi tsuwwa, gefe a bushe.

Ƙananan kurakurai kuma ga su. Ƙwayar shinkafa ɗaya a ƙarƙashin roba ta isa ta sa tsiyaya, don haka a cire robar a wanke daban. Kada a ajiye tukunya a kulle, a kifa murfin a kanta ta baya, in ba haka ba robar ta kwana a matse. Kada a bar tukunya a bushe kan wuta, zafi na ƙona roba.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ba na gajiya da faɗa a kanta: buga ludayi a bakin tukunya bayan an juya miya. A tukunyar tuwo ba komai. A fresha kuwa wannan bakin shi ne inda roba ke kwanciya, kuma alminiyam ba ya da wuyar lotsawa. In kin sa sabuwar roba daidai girmanta, bututu a buɗe, amma tururi na fita daga wuri ɗaya kullum, bi bakin da yatsa a hankali. In kin ji lotso, ki daina ɓarnar kuɗi a kan roba. Tawa ta farko da haka ta ƙare, yanzu a ciki nake jiƙa gero.