Yadda ake zuba linta a saman ƙofa da taga ba tare da kwana ta tsage ba

Duk lokacin da ka ga tsaga ta tashi daga kwanar taga ta sama ta nufi rufi a karkace, kafin ka zagi siminti ko ka ce fandisho ne ya zauna, fasa filastan gefen ka duba nawa lintar ta hau kan bango. Na sha fasawa in tarar yatsa uku kawai ta hau, wani lokacin ma ba a kan cikakken bulo ba, a kan wani guntu da magini ya sara ya cusa dan ya cike layi. Linta duk nauyin da ta ɗauko a gefe biyun nan take sauke shi, to in mazaunin ya yi kaɗan bakin bulon ne zai fara marmashewa, lintar ta ɗan sunkuya, bangon sama ya biyo ta.

Dan haka daga awo za ka fara. Mafi ƙarancin da ake ba wa linta ta hau bango shi ne milimita 150 kowane gefe, wato inci 6. Ni dai in buɗin ya kai mita 1.2 ko ya wuce, 225 nake bayarwa, rabin bulo kenan, kuma ba na sauraron mai cewa asarar rodi ce, rodin da za ka rage bai kai kuɗin gyaran filasta sau ɗaya ba. Mu ɗauki taga mai faɗin 1200 a bangon bulo inci 9. Tsawon lintar zai zama 1200 a haɗa da 225 sau biyu, 1650 kenan, faɗinta 225 daidai da bango, tsayinta ma 225 dan ta tafi daidai da layin bulo ɗaya kar ka zo kana ciko a sama.

Nan ne fa sababbin hannu suke faɗuwa, nima nan na taɓa faɗuwa. Kankaren ya hau bango 225 lafiya lau amma rodin ciki an yanka shi a 1250, saboda mai lanƙwasa rodi faɗin taga ya auna ya ƙara ɗan kaɗan. Kaga mazaunin nan kankare ne zalla babu ƙarfe, rodin ya ƙare daidai inda ake buƙatar ya riƙe. Wata biyu da gama filasta sai ga tsaga a bakin taga, sai da muka tokare muka fasa muka sake. Rodin dole ya bi tsawon lintar duka, ka cire 25 kawai kowane ƙarshe dan kankare ya rufe shi, wato a namu lissafin 1600. Tsaya a kan mai yankan da tef ɗinka, kar ka faɗa masa faɗin taga ma, tsawon rodi za ka ba shi.

Sai abin da lintar za ta zauna a kai. In bulon mai rami ne, layin da ke ƙarƙashin mazaunin a cika ramukansa da kankare, dan fatar bulo mai rami siririya ce, ita kaɗai ba za ta ɗauki nauyin da ya taru wuri ɗaya ba. Wasu takardar buhun siminti suke cusawa a ramin wai kar kankare ya zube ciki, to ai zubewar ake so, aƙalla layi ɗaya ya cika, biyu ya fi. Kuma tun ana jera bulo ka lura a sa cikakke ko rabi mai kyau a bakin buɗin. In tagogi biyu suna kusa da juna, abin da ke tsakaninsu bulo ɗaya ne ko ƙasa da haka, kar ka yi linta biyu suna rabon wannan ɗan wurin, ja guda ɗaya ta ratsa duka.

Rodi na irin wannan taga: biyu masu milimita 12 a ƙasa, biyu masu 10 a sama, zobe mai milimita 8 duk bayan 200, a ɗaure da waya. Na ƙasan su ne masu aikin, dan linta in ta ɗau kaya cikinta na ƙasa ne yake miƙewa, kankare kuma yana jure danni amma ba ya jure ja. A sa 'yan biskit na siminti mai kaurin 25 a ƙarƙashi kar rodin ya kwanta kan katako, in ya kwanta za ka gan shi a fili ranar cire katako, daga nan tsatsa ce. Wannan lissafin na lintar da bulo kawai take ɗauka ne fa. In bim ko dekin zai sauka a kanta kai tsaye, ko buɗin ya wuce mita 2, nemi injiniya ya lissafa, ba aikin kintace ba ne.

To a zuba a wurin ko a zuba a ƙasa a ɗora? Lissafa nauyi tukun. Kankare mita kubik ɗaya kilo 2400 ne kusan, lintarmu ta 1650 tana kai kilo 200, ɗaga wannan sama da mita 2 da hannu a kan sabon bango ba wasa ba ne, sau da yawa garin ɗorawa ake girgiza bulon mazaunin ya saki ba wanda ya lura. Ita wannan a wurin nake zubawa. Amma ƙofa mai 900 a bangon inci 6, tsawo 1200, ba ta kai kilo 100 ba, irin wannan in suna da yawa zubawa a ƙasa ya fi, akwatin katako ɗaya zai yi maka su duka kuma magini ba zai tsaya jiran bushewa ba. Sharaɗi biyu ne: tun kankaren yana ɗanye ka rubuta SAMA a kai da ƙusa, dan in ta bushe ba mai gane ina rodi mai kauri yake, in aka kife ta kuma aiki ya lalace. Na biyu kar a ɗora ta a kan busasshen bulo, a shimfiɗa kwaɓin siminti kamar milimita 10 zuwa 12 a zaunar da ita a kai a duba lebur, kuma a bar ta ta yi sati biyu kafin a ɗaga, a kama ta daga ƙarshe biyu tana tsaye yadda za ta zauna.

Ta zubawa a wurin kuwa, katakon ƙasa a cikin buɗin kawai yake, na gefe su wuce kan bango har ƙarshen mazauni, a tokare tsakiya da kyau dan in ya lotsa haka lintar za ta bushe da tumbi. Jiƙa bulon da katakon, kwaɓa 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kar ruwa ya yi yawa, zuba lokaci ɗaya kana soka guntun rodi musamman ƙarshe biyun inda ramuka suke ɓuya. Katakon gefe ka iya cirewa bayan kwana ɗaya ko biyu, ka riƙa ba lintar ruwa safe da yamma kwana 7, na ƙasa da tokaren kuma su kai kwana 14 ko da kafinta yana ta kiran waya yana son katakonsa.