Babi na Bakwai: Takardar Kafin Alƙalami da Takardar Ciko

A ɗauka wani mai walda a Gusau ya yi ciniki da wani magidanci kan ƙofofin ƙarfe 6, kowace a kan naira 85,000, jimla ke nan naira 510,000. Da yake sai ya sayo ƙarfe da fenti kafin ya soma aiki, sai ya nemi kafin alƙalami na naira 200,000.

Takardar farko da zai rubuta ta neman wannan kuɗi ce kaɗai. Zai ba ta lamba, misali 014, ya sa kwanan wata da sunan mai aikin, wato magidancin, sannan ya rubuta: "Kafin alƙalami na ƙofofi 6, daga cikin jimlar naira 510,000." Ambaton jimlar tun yanzu shi ke hana gardama kan farashi daga baya. Ya kamata kuma ya rubuta abin da suka amince a kai game da kuɗin idan aka fasa aikin bayan an yanka ƙarfe.

A lura, takardar neman biya ba rasit ba ce. Ita tana cewa a biya, shi kuwa rasit yana shaida an biya, don haka ba a rubuta shi sai kuɗi sun shigo hannu ko asusun banki. A misalinmu, magidancin naira 180,000 kawai ya turo, kuma adadin da rasit zai nuna ke nan.

Ana cikin aiki sai magidancin ya ƙara taga guda ta naira 40,000. Da aka kammala, mai walda zai fitar da takardar ƙarshe da sabuwar lamba, ya jera aikin duka da cikakken farashinsa, wato ƙofofi 510,000 da taga 40,000, jimla 550,000. A ƙasa sai ya rubuta: "An cire kafin alƙalami na takarda mai lamba 014, naira 180,000", tare da ranar da aka biya. Ciko ya zama naira 370,000. Abin da ake cirewa shi ne wanda aka karɓa, ba wanda aka nema ba, domin da ya cire 200,000 da ya yi asarar naira 20,000 ba tare da ya sani ba.

Kuskuren da ya fi yawa, a ganina, shi ne mantawa da layin cirewar. Idan haka ta faru, takardun biyu za su nuna ana neman naira 750,000 kan aikin 550,000, kuma mai aikin zai ɗauka cuta ce. Hanyar ganewa ita ce a haɗa rasit ɗin farko da cikon da aka rubuta. Idan ba su ba da jimlar aikin daidai ba, sai a soke takardar, a ajiye kwafinta a littafi, a rubuta wata da sabuwar lamba.