Harajin gida a Abuja: ciniki a kan jimla ɓata baki ne

Shekarata goma sha ɗaya ina kula da gidajen haya na mutane a Abuja, kuma duk lokacin da takardun harajin gida na ƙaramar hukuma suka fara yawo, kira iri ɗaya nake samu: "Alhaji, an kawo min dubu ɗari uku da wani abu, wa ka sani a ciki ya rage mana?" Ba wanda ke tambayar yadda aka yi kuɗin ya kai haka. Na gaji da maimaita bayani, shi ya sa na rubuta.

Kuɗin da ke ƙasan takardar daga abu uku yake fitowa. Akwai ƙimar da aka yi wa gidan, wato hayar da ake ganin zai iya kawowa a shekara, bayan an cire wani abu na gyare-gyare. Akwai kason da hukuma ta yanka a kan wannan ƙimar. Sannan akwai abin da doka ta yafe. A cire abin da aka yafe daga ƙima, a ninka ragowar da kaso, shi ke nan lissafin. Kason ba naka ba ne kai kaɗai, na kowa ne a rukuninku, don haka ba ka da ta cewa a kansa. Ƙimar ce taka, kuma ita ce mutane ba sa dubawa.

Ni ma ban duba ba, kuma na ji a jikina. Alƙaluman nan na daidaita su don sauƙin lissafi, kai ka duba kason da ke kan takardarka. Gida ne mai fulat huɗu, kowanne ana biyan naira 1,500,000 a shekara, jimla miliyan 6. Ranar da masu kimantawa suka zo, ni da kaina na riga na gargaɗi maigadi kada ya bar kowa ya shigo. Suka tsaya a waje, suka ƙirga ƙofofi da mitocin wuta, suka haɗa da ɗakin maigadi da wani sito a baya, suka rubuta fulat shida. Hayar kuma suka ɗauko ta gidajen bakin titi, miliyan 2 kowanne. Miliyan 12 ke nan. A cire kashi ɗaya cikin huɗu na gyara, saura miliyan 9. A ninka da kashi 4 cikin ɗari, ya ba da naira 360,000.

Me na yi? Na sa babbar riga na je na yi ta magiya har aka ce in kawo 300,000. Na dawo ina ta yi wa mai gidan alfahari. Shekara ta zagayo, takarda ta dawo da 360,000 ɗinta, ga kuma 60,000 an rubuta a gefe a matsayin bashin bara. Ragin da aka yi min na fatar baki ne, bai taɓa shiga rajista ba, ƙimar kuma tana nan daram a miliyan 9. Sai a shekara ta uku wani mai kimanta kadarori da muke sallah tare ya karɓi takardar, bai yi minti biyu ba ya ce, "Malam, gidan nan fulat nawa ne?" Da an bi gaskiya, miliyan 6 a cire rubu'i saura miliyan 4 da rabi, kashi 4 ɗinsa naira 180,000. Rabi cif. A shekara uku mun biya 1,080,000 a maimakon 540,000, kuma kuɗin wata hajiya ne da ta amince da ni. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Saboda haka ku daina zuwa ofis da roƙo. Mai roƙo ya riga ya yarda lissafin daidai ne, sassauci kawai yake nema. Ni yanzu in takarda ta zo, ba na kallon ƙasanta sai na gama da samanta: adireshi, lambar fili, yawan ɗakuna, sannan ko an rubuta gidan zama ne ko na kasuwanci, domin wannan kalma ɗaya tana iya sauya lissafin gaba ɗaya. In na ga kuskure, wasiƙar ƙin amincewa nake rubutawa a makon, in haɗa da kwafin yarjejeniyar 'yan haya, rasidin haya, taswirar gini da hotuna, in sa a buga min hatimin karɓa a kwafina. Irin wannan ƙorafi yana da wa'adi, kuma wanda ya bari ya wuce ya wahalar da kansa. Masu kimantawa kuwa, in sun nuna shaidar aiki, ni nake buɗe musu ƙofa in zagaya da su har bayan ginin.

Kuskure na biyu shi ne na yafewa, kuma a nan mutanenmu sun fi taurin kai. An saba keɓe wuraren ibada da maƙabartu daga wannan haraji, gaskiya ne. Amma abin da ake yi da ginin ake dubawa, ba sunan mai shi ko kyawun niyyarsa ba. Mutum zai gina ƙaramin masallaci a kusurwar filinsa, ya jera shaguna biyar a jikin katanga yana karɓar haya, ya ce ai filin na Allah ne. Masallacin za a fitar daga ƙima, shagunan suna nan. Kuma a lura da inda ragin yake shiga: daga ƙima ake cire shi, ba daga kuɗin da za ka biya ba. A gidan can, da a ce an yafe ɓangaren da hayarsa ta kai 1,500,000, ƙimar za ta sauko daga miliyan 4 da rabi zuwa 3,375,000, harajin ya koma 135,000. Sauƙin da aka samu 45,000 ne kacal. Kuma ba ya zuwa da kansa, sai ka nema a rubuce.

Sauran ƙanana ne. Wai "ni nake zaune a gidana, ba na karɓar haya": ana ƙiyasta abin da za a biya da an ba da shi haya, ba abin da ya shiga aljihunka ba. Wai an ji 'yan fansho ba sa biya a gidan da suke zaune: wannan dokar Legas ce, inda aka dunƙule harajin fili da na gini wuri ɗaya, kada ka ɗauko ta ka ɗora wa Abuja.

Akwai masu nuna min rasidin AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, su ce sun gama. Wancan kuɗin hayar ƙasa ne, wanda ke bin takardar mallaka a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, kuma na hukumar babban birnin tarayya ne. Harajin gida kuwa tsarin mulkin 1999 ya sa kimanta gidaje dominsa cikin ayyukan ƙananan hukumomi, a nan su shida ne: AMAC ta cikin birni, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Biyan ɗaya ba ya goge ɗaya.

Ba na miƙa wa kowa tsabar kuɗi a ƙofar gida, ko da ya zo da riga mai tambari. Banki nake zuwa, rasidin kuma in ajiye shi a fayil ɗin gidan. Wanda zai biya tsakanin mai gida da ɗan haya, tun ranar shiga nake sa shi a yarjejeniya. In kuma gida za ka saya, ka nemi rasidin shekarun baya kafin ka biya kuɗin, domin takardar bashin ƙofar gidan za a kawo ta, wanda ya sayar maka kuwa ya riga ya koma Kaduna.